Yadda ake shirya muhawarar kimiyya da imani a aji ba tare da an raba kan ɗalibai ba

Karo na farko da na sa 'yan tarminal, wato ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, su yi muhawara a kan kimiyya da imani, ba a kai minti ashirin ba na tsayar da ita. A Garwa ne, a arewacin Kamaru, cikin watan Maris, lokacin da zafi ke sa rufin kwano ya riƙa ƙara shi kaɗai. Na rubuta a allo: "Shin kimiyya da addini suna karo da juna?" Na ce masu cewa e su koma dama, masu cewa a'a su koma hagu. Cikin ɗalibai sittin da 'yan kai, huɗu ne kawai suka koma dama, su ma suna tafiya suna waige. Ɗaya daga cikinsu ya fara magana a kan asalin ɗan Adam, bai kai ƙarshen jimla ba wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wannan ai kafirci yake faɗa." Daga nan masu hagu su ma suka rabu biyu, Musulmi na jawo aya, Kirista na jawo tasu, aka bar maganar kimiyya aka koma gardamar wane littafi ne ya riga faɗin gaskiya. Yaron da ya fara maganar ya yi mako guda ba ya shiga darasina, kuma har yau abin yana damuna, domin ni na jefa shi cikin wannan hali.

Da na zauna na duba abin da ya faru, sai na ga yaran ba su yi komai ba face abin da tsarin ya tura su su yi. Tambayar ta yi faɗi, ɓangarorin biyu ne kawai, kuma kowa ya zaɓi ɓangarensa da ƙafarsa a gaban jama'a. Wanda ya haɗa waɗannan uku a aji irin namu, inda Bahaushe da Bafulatani da Batufuri da Bamundang ke zaune a benci ɗaya, wannan ya fito daga masallaci wancan daga coci, to jarrabawar imani ya shirya, ko da sunan muhawara ya ba ta.

Gyara na farko yana kan tambayar. Kalmar kimiyya ta ƙunshi lissafin taurari da binciken ƙwayoyin cuta da tonon ƙasusuwan da. Kalmar imani kuma ta ƙunshi Musulunci da Kiristanci da al'adun gargajiya, kowanne da mazhabobi a cikinsa. Idan aka ce su yi karo ko kada su yi, kowane ɗalibi zai ɗauko misalin da ya yi masa daɗi, wannan na maganar masanin taurari Galileo wancan na maganar jariri a ciki, ba za su taɓa haɗuwa a wuri ɗaya ba. Dole a ɗaure muhawarar a kan lamari guda, wanda ya faru a fili, wanda kimiyya ta yi bayaninsa, kuma masu imani suna da abin cewa a kansa. Akwai sharaɗi na biyu da na koya da wuya: kada lamarin ya sa addini ɗaya a gaban alƙali, ɗayan yana kallo. Shari'ar da Cocin Katolika ta yi wa Galileo a 1633 misali ne mai kyau a littafi, amma a ajinmu ɗaliban Kirista ne za su zama waɗanda ake tuhuma. Gardamar ganin wata da ido ko bin lissafi kuwa ta Musulmi ce zalla, sauran za su zama 'yan kallo.

Shi ya sa na zaɓi tafkin Nyos. A daren 21 ga Agusta 1986, wannan tafki da ke bakin tsohon dutse mai aman wuta a yankin Arewa maso Yamma na ƙasarmu ya saki iskar CO2 mai ɗimbin yawa a lokaci guda, iskar da ke shaƙe numfashi idan ta yi yawa. Iskar ta daɗe tana taruwa a ƙasan ruwan, narke a cikinsa, nauyin ruwan sama ya danne ta kamar yadda murfi ke danne iskar kwalbar lemo. Da ta fito, tun da ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen sau ɗaya da rabi, ba ta tashi sama ba, sai ta gangara kwaruruka ta bi ƙauyukan Nyos da Ca da Subum. Mutane fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun makiyaya. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. A 2001 aka kafa bututu na farko a Nyos don ya riƙa fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Kowane ɗalibi ya taɓa jin labarin, babu addinin da ake tuhuma a cikinsa, kuma kalmar ƙaddara tana bakin Musulmi da Kirista duka idan an ambace shi. Tambayar da na rubuta ita ce: "Bayan kimiyya ta bayyana abin da ya faru a Nyos, me ya rage wa mai cewa ƙaddarar Allah ce?"

Gyara na biyu shi ne a bar tsarin e ko a'a. Wani malami Ba'amurke, Ian Barbour, wanda ya karanci fiziks da tauhidin Kirista duka, ya kasa dangantakar kimiyya da addini gida huɗu: karo, rabuwar fage, tattaunawa, da haɗewa. A aji ina haɗa biyun ƙarshe su zama ɗaya, domin bambancinsu ya fi ƙarfin awa biyu. Sai a sami rukuni uku. Rukunin Karo yana cewa duk inda bayanin kimiyya ya shiga, bayanin imani yana ja da baya. Rukunin Iyaka yana cewa kowa da gonarsa: kimiyya na amsa "ta yaya", imani na amsa "don me". Rukunin Tattaunawa kuma yana cewa gonakin biyu suna da iyaka ɗaya, kuma abin da aka shuka a ɗaya yana shafar ɗayan. Da rukuni uku ajin ba ya iya tsagewa gida biyu, kuma masu imani da kansu suna gano cewa Iyaka da Tattaunawa ba abu ɗaya suke faɗa ba. Wannan gardama ta tsakaninsu ita ce ta fi amfanar ɗalibai a ganina.

Sai ƙuri'a, wadda ita ce ƙashin bayan shirin duka. Ba wanda ke zaɓar rukuninsa. Ina yanka takardu, in rubuta sunan aiki a kan kowace, in zuba a hula, kowa ya sa hannu a gaban aji. Dole a yi shi a bainar jama'a, don gobe kada wani ya ce wance ta zaɓi Karo saboda abin da ke zuciyarta ke nan. A ajin da nake ba da misali da shi ɗalibai 66 ne. Kowane rukuni ya sami masu magana huɗu da masu bincike takwas a bayansu, mutum 36 ke nan. Sai shugaban zama ɗaya, mai agogo ɗaya, masu tantancewa uku, alƙalai biyar. Ashirin da suka rage su ne masu tambaya, kowanne da 'yar takardarsa. Babu wanda ya zo kallo kawai, domin a babban aji ɗan kallo shi ne ke fara ihu daga baya.

Ranar da aka jefa ƙuri'ar, wata ɗaliba mai ƙoƙari, 'yar gidan malamai, ta zaro takardar mai buɗe magana ta rukunin Karo. Ta jira kowa ya fita, ta zo ta tsaya gefen teburina tana murza takardar a hannu. Ta ce, "Malam, idan na faɗi waɗannan maganganun da bakina, ba zan yi zunubi ba?" Na ce mata ni malamin falsafa ne, fatawa ba aikina ba ce, ta je ta tambayi babanta, kuma idan zuciyarta ba ta kwanta ba zan musanya mata da aikin agogo ba tare da an rage mata maki ko ɗaya ba. Abin da na ƙara mata shi ne ta duba yadda littattafan tauhidi da fiƙihu na zaure suke yi: malami ya kawo hujjar abokin gardama cikakkiya da "idan aka ce", sannan ya amsa da "sai mu ce". Malaman Kirista ma haka, Toma Akwinas yakan fara kowace mas'ala da hujjojin da ke adawa da shi kafin ya ba da tasa amsar. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce, "Baba ya ce in yi, amma in faɗa da farko cewa ƙuri'a ce ta ba ni." Wannan sharaɗi na mahaifinta shi na mayar doka ga kowa. Wannan ƙofa ta musanya dole ta kasance a buɗe da gaske. Cikin 66 mutum biyu suka nemi a sauya musu, na sauya, ban tambaye su dalili ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka akwai mako biyu tsakanin ƙuri'a da muhawara. Kowa yana samun shafi ɗaya na bayanan Nyos, iri ɗaya, wanda malamin kimiyyar halittu da ƙasa ya duba ya amince. Sannan kowane rukuni yana samun nasa shafin. A nan malami yake bukatar ya yi adalci ga kansa, domin idan mai imani ne, hannunsa zai so ya ba rukunin Karo hujja mai rauni don a kayar da su cikin sauƙi, yara kuwa suna gane irin wannan. Na ba su Auguste Comte, masanin falsafa Bafaranshe wanda dama yana cikin darasinsu, da ra'ayinsa cewa tunanin ɗan Adam yana tashi daga bayanin allahntaka, ya bi ta bayanin falsafa, ya ƙare a bayanin kimiyya. Na kuma gaya musu gaskiya cewa labarin yaƙi na dindindin tsakanin kimiyya da addini, wanda John William Draper ya yaɗa a 1874 da Andrew Dickson White a 1896, yawancin masana tarihin kimiyya na yau ba su yarda da shi ba, don haka kada su jingina da tarihi, su jingina da tambayar Nyos. Rukunin Iyaka sun sami Stephen Jay Gould, masanin ƙasusuwan da, wanda ya ce fagagen biyu ba sa hawa kan juna, da maganar da Galileo ya kawo a wasiƙarsa ta 1615, cewa nufin Ruhu Mai Tsarki a cikin Baibul shi ne koya wa mutum yadda zai je sama, ba yadda sammai ke tafiya ba. Na haɗa musu da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, inda ya yi gargaɗi cewa mai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini cutar da addinin yake yi. Rukunin Tattaunawa kuma sun sami Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, da ƙa'idarsa cewa gaskiya ba ta adawa da gaskiya, da Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam da ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. Na kula kowane ɗaya daga rukunin biyun ya sami Musulmi da Kirista a shafinsa. Shiri kuwa su yi shi da Hausa ko Fulatanci ko duk harshen da tunaninsu ya fi gudu a ciki, a gaban aji ne kawai za a yi Faransanci.

Dokokin ba su da yawa, amma kowace akwai rauni da ta zo ta rufe. Ba a cewa "ni na yi imani", ana cewa "matsayinmu yana cewa". Ana iya kawo aya ko hadisi ko nassin Baibul don a nuna abin da masu imani suka riƙe, amma ba a kawo shi a matsayin gudumar rufe baki, kuma ba wanda zai yi wa littafin wani tafsiri. Ba a shiga gardamar wane addini ne gaskiya. Kafin ka soki maganar wani rukuni, sai ka maimaita ta da kalmominka cikin minti ɗaya har mai ita ya ce e, haka na faɗa. In bai yarda ba, ka sake. Wannan doka ita kaɗai tana kashe rabin faɗan, domin yawancin fushi a irin wannan zama daga "ba haka na ce ba" yake tasowa.

Doka ta ƙarshe ba ta da sassauci ko kaɗan: babu waya. Duk wayoyi suna cikin kwali a kan teburina har a tashi. Minti ɗaya na bidiyon waccan ɗaliba tana cewa ƙaddara ba ta bayyana komai ba, in an yanke farkonsa inda ta ce ƙuri'a ce ta ba ta, aka jefa a Wasap, zai isa unguwarsu kafin ta isa gida, kuma ba wanda zai tsaya ya tambayi yadda aka yi. Saboda wannan dalilin ne kuma nake sanar da sanser, wato mai kula da karatu, a rubuce tun kafin ƙuri'a, tare da tambayar da dokokin, don idan wani uba ya zo ofis da ƙorafi ya tarar an san zancen.

Aikin da ya fi kowane nauyi shi ne na masu tantancewa su uku. Kowannensu yana riƙe da kati uku masu harufa: A na awo, wato maganar da za a iya gwadawa ko a auna, I na imani, maganar da aka riƙe ta hanyar wahayi ko al'ada, F na fassara, wato hukuncin falsafa da mutum ya ɗora a kan ɗayan biyun. Harufa nake sawa, ba launi ba, domin da zarar an ba imani koren kati an riga an ba shi addini. Ba sa katse mai magana. Suna rubuta jimlolin da aka gabatar da sunan wani iri alhali na wani irin ne, su karanta a lokacin da aka ware musu.

Darasin falsafa na awa biyu minti 110 ne a zahiri. Goma na farko na shugaban zama ne, ya karanta tambaya da dokoki, ya tuna wa kowa cewa ƙuri'a ce ta raba. Buɗe magana minti huɗu ne ga kowane rukuni, da minti ɗaya na maimaitawar abokin hamayya. Masu hujja suna samun biyar-biyar, tambayar juna shida-shida. Sai hutun minti bakwai da masu tantancewa ke ba da rahoto a ciki, sha biyu na tambayoyin masu takarda, uku-uku na rufewa, shida na alƙalai. Minti goma sha takwas na ƙarshe nawa ne, kuma ba na barin komai ya ci su.

Ga yadda tsakiyar zaman ta kasance. Mai hujjar Iyaka, wani saurayi mawaƙin coci, ya tsaya a kan cewa bututu da ma'aunin iska sun faɗi yadda mutane suka mutu, amma ba za su iya gaya wa uwar da ta rasa 'ya'ya huɗu abin da zai sa ta ci gaba da rayuwa ba, wannan aikin imani ne. Ajin ya yi tsit. Sai mai tambayar Karo ya miƙe, ya maimaita maganar har saurayin ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Idan wani ya ce ba a bukatar bututu domin abin da Allah ya rubuta sai ya faru, a gonar wa yake noma, taku ko ta kimiyya?" Iyaka suka rasa ta cewa na ɗan lokaci, domin tambayar ta nuna cewa akwai inda magana da sunan imani take tsallaka iyaka ta shiga batun abin da za a yi da hannu. Amsar da suka bayar daga baya ita ce wannan mutumin ya wuce gona da iri, laifinsa ne ba na imani ba. Karo suka ce to wa ke riƙe da igiyar awon iyakar, kuma me ya sa kullum bayan kimiyya ta yi magana ake matsar da ita. Tambaya ce mai ƙarfi, ban kuma ji an amsa ta sosai ranar ba.

Tattaunawa suka shigo ta wannan ɓarakar. Suka ce iyakar ba katanga ba ce, suka kawo hadisin da aka ce wa mutum ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, suka ce a wurin masu riƙe da wannan, kafa bututu umarnin imani ne, kimiyya kuma ita ce ta nuna inda za a kafa shi. Amma mai hujjarsu ya zarce ya ce har yau masana ba su san abin da ya haddasa bala'in ba, ke nan hannun Allah ne kai tsaye. A rahotonsu masu tantancewa suka kama wannan. Abin da masana suka yi saɓani a kansa shi ne abin da ya girgiza ruwan a wannan daren, ko zaftarewar ƙasa ce ko wani abu daban, amma iskar da ta kashe mutane da yadda ta taru an auna su. Suka kuma yi masa tambayar da ba ni na koya musu ba: idan gobe aka gano abin da ya girgiza ruwan, hujjarka ta mutu ke nan? Haka suka kama mai rufewar Karo tun a tambayar juna, inda ya ce kimiyya ta tabbatar babu hannun kowa a ciki. Suka ce ya ɗaga wannan jimla da katin A alhali ta F ce, domin babu ma'aunin da ya auna rashin hannun Allah. Abin da nake so yara su fita da shi ke nan, su iya jin lokacin da jimla ta sauya iri a tsakiyar hanya, ko daga bakin wa ta fito.

Alƙalai ba sa yanke hukunci a kan wane matsayi ne gaskiya, kuma shugaban zama yana faɗin haka sau biyu, farko da ƙarshe. Maki a kan ashirin suke bayarwa kamar kowace jarrabawarmu: shida na ingancin bayanai, shida na maimaita maganar abokin hamayya da adalci, biyar na amsa tambayar da aka yi maimakon wadda aka so a yi, uku na kiyaye lokaci da ladabi. Zaƙin baki ba shi da maki. Ba na kuma sa aji ya ɗaga hannu a kan abin da ya yi imani da shi, kafin zama ko bayansa, domin ƙidayar imani ba aikin makarantar gwamnati ba ce a ƙasar da tsarin mulkinta bai ɗauki addini ɗaya ba. A wannan zaman, Karo suka zo na ɗaya da maki 16, kuma makin maimaitawa ne ya ɗaga su, domin ɗalibar nan ta faɗi matsayin Tattaunawa fiye da yadda su kansu suka faɗe shi.

Ko da duk wannan shiri, zama na iya karkacewa, kuma yana ba da alama kafin ya ɓaci. Alama ta farko a cikin kalmomi take: "matsayinku" ya koma "ku", "ku" kuma ya daina nufin rukuni ya koma nufin mutanen wani addini. Sai a fara jin amin ko kabbara ko tafi bayan an ja aya. Sai gunaguni ya tashi a bencin baya da Fulatanci ko Hausa, ba da harshen zaman ba. Wadda ta fi wuyar gani ita ce shirun tsiraru: idan ɗaliban da addininsu bai da yawa a ajin suka daina miƙa takardar tambaya suka sunkuyar da kai, to abin ya fara yi musu nauyi. Da an ga ɗaya daga ciki, shugaban zama yana da ikon tsayar da agogo na minti biyu, kowa ya rubuta a takarda jimla ta ƙarshe da ya ji da harafin da ya dace da ita. Rubutu yana sanyaya jini. Idan aka yi haka sau biyu abin bai lafa ba, malami ya karɓi zaman ya tafi kai tsaye ga minti goma sha takwas ɗinsa.

A waɗannan mintoci abu na farko shi ne tuɓe riga. Masu magana goma sha biyu suna mayar da takardun ƙuri'arsu cikin hula ɗaya bayan ɗaya, aji na kallo, shugaban zama ya ce daga yanzu ba mai rukuni, kuma duk wanda ya bi wani da maganar da ya faɗa a nan zuwa tsakar makaranta ya karya doka. Sannan kowa ya rubuta, ba suna, hujja ɗaya mafi ƙarfi da ya ji daga matsayin da bai yarda da shi ba. Kullum sai wani ya ce, "To Malam, kai wanne ka riƙe?" Ba na ɓoye cewa ni mai salla ne, duk sun gan ni a masallacin Juma'a, amma ina ce musu ba zan zaɓi rukuni a cikin aji ba, tun da alƙalamin makinsu yana hannuna.

Dole in faɗi iyakar wannan misali. Nyos mai sauƙi ne, domin babu nassin da ya faɗi abin da ke ƙasan tafkin, saboda haka katin A da katin I ba su yi jayayya a kan abu ɗaya ba. Lamarin Tumai daban ne. Wannan ƙoƙon kai da ayarin Michel Brunet ya gano a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, wanda Ahounta Djimdoumalbaye ya fara gani, an ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan bakwai, kuma yana taɓa asalin ɗan Adam, inda littattafan addinan biyu suke da magana a sarari. A nan rukunin Iyaka ba zai tsira da "kowa da gonarsa" cikin sauƙi ba, malami kuma bai kamata ya yi wa yara alkawarin cewa za a tashi an daidaita ba. Ba na kawo Tumai sai ga ajin da ya riga ya yi Nyos lafiya, sai malamin kimiyyar halittu yana zaune cikin masu tantancewa, kuma ba na yi a watan azumi ko makon Ista ko dab da jarrabawar bak ta kammala sakandare. Tambayar ma ina ƙuntata ta fiye da ta farko, in rubuta a allo: "Me ƙoƙon kan Tumai zai iya nunawa, me kuma ba zai iya nunawa ba?" Shirin kuma mako uku nake ba shi maimakon biyu, domin mako na farko gaba ɗaya yana tafiya ne a kan yadda ake ƙiyasta shekarun ƙashi da na duwatsun da aka same shi a ciki.